Yadda ake ƙara girman babban hoto tayil-tayil idan memorin katin girafik ya kasa

Hoto mai faɗin fiksel 1600 da tsayin 1200 ba wani babban hoto ba ne. A matsayin JPEG sau da yawa ko megabayit ɗaya bai cika ba. Amma ka ba shi samfurin RealESRGAN_x4plus, wato samfurin AI mai ninka faɗi da tsayin hoto sau huɗu, a kan katin girafik mai memori 8 GB ba tare da ka yanka shi ba, sai injin ya tsaya ya rubuto maka `CUDA out of memory`. Mutane da yawa daga nan sai su ɗauka katin ne ya yi ƙanƙanta, su fara tambayar kuɗin wanda ya fi shi. Kafin a kai ga kasuwa, ya kamata a san abin da ke cinye memorin, domin lissafinsa mai sauƙi ne, kuma da shi ake zaɓar girman tayil, wato gutsattsarin da ake yanka hoton zuwa gare su, ba da ka-ci-ci ba.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: hoton waya mai 4000×3000, samfurin RealESRGAN_x4plus, da kati mai 8 GB.

Abin da ke cinye memorin

Ba samfurin ba ne. Fayil ɗinsa bai kai megabayit 70 ba, kuma girmansa ba ya canzawa ko wane hoto aka ba shi. Ba hoton da ka shigar ba ne kuma. Abin da ke cika katin shi ne aikin tsakiya.

Hotonka yana da shafuka uku: ja, kore da shuɗi. Da zarar ya shiga samfurin, matakin farko zai mayar da shafukan nan uku su zama 64, kowane shafi da faɗi da tsayin hoton. Mu kira wannan tarin shafuka kundi. Kundin yana ratsa sassa 23 na cikin samfurin yana nan a girmansa na asali. Sai a can ƙarshe ake ninka faɗinsa da tsayinsa sau biyu, a tace, a sake ninkawa sau biyu, a sake tacewa, sannan a dawo da shi shafuka uku. A wannan mataki na ƙarshe ne wahalar take, domin kundin yana nan da shafukansa 64, amma kowane fiksel na asali ya zama 16.

Idan ana aiki da `fp16`, wanda shi ne rubutun Real-ESRGAN, wato ƙaramar manhajar da ke tafiyar da samfurin, ke amfani da shi idan ba ka ce komai ba, kowace lamba tana cin bayit biyu. Ga lissafin kundi ɗaya a matakin ƙarshe:

```
64 × 16 × 2 = 2048 bayit ga kowane fiksel na asali
```

Kuma ba kundi ɗaya ake riƙewa ba. Lokacin tacewa dole kundin da ake karantawa da wanda ake rubutawa su zauna a katin tare, ga kuma ragowar matakin baya da ba a riga an sake shi ba. Idan ka haɗa su za ka samu kusan bayit 4,700 ga kowane fiksel. Manhajar lissafi ta katin ita ma tana neman filin aiki na wucin gadi, wanda girmansa ya danganta da kati da siga. Saboda haka a yi lissafi da 6,000 domin a bar sarari.

Yanzu koma kan ƙaramin hoton nan na 1600×1200. Fiksel 1,920,000 ne. Kundi ɗaya ya kama 3.66 GiB, biyu sun haura 7.3 GiB, da ragowar an wuce 8. Shi ya sa kati mai 8 GB ya faɗi. Hotonmu na 4000×3000 kuwa fiksel miliyan 12 ne, kundi ɗaya kaɗai 22.89 GiB, biyu sun kusa 46. Ko katin RTX 4090 mai 24 GB ba zai ɗauke shi a dunƙule ba. Wato sayen babban kati yana ɗan ɗaga iyakar ne kawai, ba ya kawar da ita. Kuma ka lura da yadda abin ke hawa: idan ka ninka faɗi da tsayi sau biyu, memorin da ake buƙata sau huɗu yake ninkuwa.

Wannan lissafi yana da wani amfani. Saƙon kuskuren yana faɗin abin da ya nema bai samu ba, kamar `Tried to allocate 3.66 GiB`. Ka mayar da adadin zuwa bayit ka raba da yawan fiksel ɗin da ka shigar. Idan ya ba ka 2048, a matakin ƙarshe ya mutu. Idan 512 ya ba ka, tun a ninkin farko ya kasa, wato hoton ya yi wa katin yawa nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: tabbatar kana buƙatar ninki huɗu

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali ya fi kowanne rage wahala. A ce hoton za a buga shi ne a bana mai faɗin mita 2 da tsayin mita 1.5, wadda daga nesa za a riƙa kallo. Mita 2 inci 78.7 ne. Idan an buga da fiksel 100 a kowane inci, ana buƙatar kusan 7,900×5,900. Ninki biyu na hotonmu ya ba da 8000×6000, ya wadatar. Ninki huɗu zai ba da 16000×12000, fiksel miliyan 192, wanda yawancinsu injin bugawa zai zubar.

Sai dai akwai tarko a nan. Idan ka bar samfurin ninki huɗu ka rubuta `-s 2`, ba ka rage komai ba. Rubutun zai yi ninki huɗun cikakke, daga baya ya ƙanƙantar da sakamakon da hanyar Lanczos. Wanda ke rage memori da gaske shi ne samfurin RealESRGAN_x2plus, domin kundinsa na ƙarshe bayit 512 ne ga fiksel, rubu'in na farko. Kamannin abin da samfuran biyu ke fitarwa ba ɗaya ba ne, don haka a gwada su a kan ɗan yanki kafin a zaɓa. Mu dai a ci gaba da ninki huɗu, tunda shi ne mai wuyar.

Mataki na biyu: duba abin da ya rage a katin

8 GB da aka rubuta a kwali ba duka ne naka ba. Tagogin kwamfuta, burauza da manhajar gyaran hoto duk suna zaune a ciki. Shi kansa CUDA, tsarin da ake sa katin NVIDIA yin lissafi da shi, da zarar ya tashi yana kama ɗaruruwan megabayit kafin a taɓa hoto. A katin NVIDIA buɗe wata tagar umarni ka bar wannan yana gudana:

```
nvidia-smi --query-gpu=memory.used,memory.total --format=csv -l 1
```

Kowace daƙiƙa zai nuna abin da aka kama. Rufe burauza da duk abin da ba ka buƙata, ka ga nawa ya dawo. A misalinmu mu ɗauka 6.5 GiB ya rage bayan komai ya tashi.

Abu ɗaya game da wannan adadi: PyTorch, tsarin da samfurin ke gudana a kansa, idan ya gama da memori ba ya mayar wa direban katin nan take, yana ajiye shi don amfanin gaba. Saboda haka abin da `nvidia-smi` ke nunawa ya kan fi ainihin abin da aikin ya ci. Mai son adadin gaskiya ya kira `torch.cuda.max_memory_allocated()` bayan an gama tayil ɗaya, ya raba da yawan fiksel ɗin tayil ɗin. Abin da ya samu shi zai sa a madadin 6,000 ɗin nan, kuma da haka ake auna kowane samfuri da ba a san cikinsa ba.

Mataki na uku: lissafa girman tayil

Dabarar ita ce a yanka hoton murabba'i-murabba'i, a tura su katin ɗaya bayan ɗaya, a jera sakamakon kamar yadda mai tayil ke jera shi a daɓe. Memorin aikin tsakiya yanzu ya dogara ne da girman tayil, ba girman hoto ba.

Amma ba a yanka tayil daidai wa daida. Ana ƙara masa rara a kowane gefe daga hoton da ke maƙwabtaka da shi, kamar rarar da tela ke bari a bakin yadi. Samfurin ya yi aiki a kan tayil da rararsa, sannan a datse rarar a zubar. Wannan rara ita ce `--tile_pad`, kuma idan ba ka faɗa ba fiksel 10 ce. Abin da ke shiga katin ke nan tayil ne haɗe da rara biyu, ta hagu da ta dama, ta sama da ta ƙasa.

Kafin a raba, sai a cire wani abu. Rubutun Real-ESRGAN yana shimfiɗa babban filin da zai jera sakamakon a cikin katin ne, ba a memorin kwamfuta ba. Ga hotonmu filin 16000×12000 ne, shafuka uku, bayit biyu-biyu, ya kama 1.07 GiB. Idan aka haɗa da hoton asali da samfurin, mu ce 5 GiB ya rage wa aikin tayil.

```
gefe = √(memori ÷ 6000) − 2 × rara
```

5 GiB kusan bayit biliyan 5.37 ne. Raba da 6,000 ya ba da fiksel 895,000, tushensa 946. Idan rarar 32 ce, a cire 64, saura 882. Ba a zama a bakin iyaka, don haka a sauko zuwa 800. Wannan adadi ya yi wa hotonmu kyau: 4000 ya rabu gida biyar cif, 3000 kuma ya ba da jeri uku cikakku da na huɗu mai tsayin 600. Tayil 20 ke nan, kowanne bai wuce 864×864 ba.

```
python inference_realesrgan.py -n RealESRGAN_x4plus -i hoto.jpg -o results --tile 800 --tile_pad 32
```

Za ka ga yana ƙirgawa daga `Tile 1/20`. Ka sa ido a tagar `nvidia-smi` har tayil na bakwai ya wuce. Dalili shi ne tayil na farko a kusurwa yake, rara ta gefe biyu kawai yake da ita. Na bakwai ne na farko da ke tsakiya, mai rara ta gefe huɗu, kuma shi ne mafi girma. Idan ya wuce, sauran tayil ɗin ma za su wuce.

Yana da kyau a zaɓi adadin da zai raba hoton ba tare da ya bar siririn ɓalli ba. Hoto mai faɗin 4100 da tayil 512 zai ba da takwas cikakku da na tara mai faɗin fiksel huɗu, ga mahaɗa dab da bakin hoto ba gaira ba dalili. Tayil 520 zai gama shi a takwas. Idan kuma samfurin ninki biyu ne, tayil da rara duka su zama lambobin da biyu ke rabawa, domin samfurin yana fara naɗe fiksel biyu-biyu ne, kuma zai ƙi yankin da faɗinsa mara ne.

Me zai hana a sa ƙaramin tayil kawai a huta? Rarar ce. Ana lissafa ta ana zubarwa, kuma rabonta yana ƙaruwa yayin da tayil ke ƙanƙancewa. Tayil 800 da rara 32 ya ƙara aiki da kashi 17 cikin ɗari. Tayil 512 da wannan rara, kashi 27. Tayil 256, kashi 56, wato fiye da rabin aikin da ake buƙata ne aka ƙara a banza. Bayan haka kowane ƙarin tayil ƙarin mahaɗa ne da za ta iya bayyana. Girman tayil kuma idan ya kai inda katin ya cika da aiki, ƙara shi ba ya ƙara wani sauri sosai. Tsakanin 400 da 800 ya ishi yawancin aiki.

Mataki na huɗu: nemo mahaɗa

A nan ne ingancin aikin yake, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci.

Samfurin ba ya yanke hukuncin fiksel shi kaɗai, yana duban na kewaye da shi. Kowace tacewa tana duban fiksel ɗaya ta kowane gefe. Sassa 23 ɗin nan kowanne yana da ƙananan sassa uku, kowane ƙarami da tacewa biyar, jimla 345. A ƙa'ida ke nan fiksel ɗaya zai iya jin tasirin wani da ke nesa da shi da fiksel ɗari uku da wani abu. A aikace tasirin yana dusashewa da sauri, na kusa ne ke da ƙarfi. Amma wannan ya nuna cewa rara 10 ba ta mayar da sakamakon daidai da na hoton da ba a yanka ba. Tana dai rage bambancin.

A bakin tayil samfurin ba ya ganin komai, sifili ake cika masa wurin da shi. Fiksel ɗin da ke kusa da bakin sai su fito da ɗan bambancin haske ko launi. Idan rarar ta isa, lalataccen wurin yana cikin abin da aka datse. Idan ba ta isa ba, sai ya shigo cikin hoton ya zama siririn layi. Rubutun Real-ESRGAN datsewa kawai yake yi ya manna, ba ya narkar da bakin wani cikin wani, shi ya sa a wurinsa rara ce kaɗai kariya.

Ba sai ka bi hoton duka da ido ba, domin ka san inda mahaɗar take: girman tayil sau ninki. A misalinmu 800 sau 4, wato a fiksel 3200, 6400, 9600 da 12800 ta faɗi, da 3200, 6400, 9600 ta tsayi. Buɗe hoton a girmansa na ainihi ka je waɗannan wurare. Ka fara da inda hoto ya yi sumul: sararin sama, bango, goshi da kumatu, farar shadda. A cikin ganye ko gashi mahaɗa ɓuya take yi, a sumul take fitowa. Idan ba ka ga komai ba, yi kwafi ka tsananta bambancin haske da duhunsa fiye da kima. Layin da ido bai gani a sikirin ba yakan fito a haka, kuma irinsa ne ke iya bayyana bayan an buga a babbar bana, lokacin da gyara ya riga ya wuce.

Hanya mafi tabbas ita ce a yanko yankin da bai wuce 900×900 ba, a yi shi sau biyu, sau ɗaya da `--tile 0`, wato ba tare da yanka ba, sau ɗaya da `--tile 300`, a ɗora ɗaya kan ɗaya a yanayin `Difference` na manhajar gyaran hoto. Inda suka yi daidai baƙi zai fito. Idan ka ga zanen raga, rarar ta yi kaɗan. Ƙara ta daga 10 zuwa 16, zuwa 32, kana maimaitawa har ragar ta dusashe. Abin da ka samu shi za ka yi amfani da shi a babban hoton.

Akwai mahaɗa iri na biyu da ƙarin rara ba ya magance ta. Alamarta ita ce ba layi kake gani ba, tayil guda ne sukutum ya ɗan fi maƙwabcinsa haske ko ɗumin launi, ko kuma ƙwayar hoton ta yi laushi a wannan ta yi kaushi a wancan. Wannan ya fi faruwa da samfuran da ke ɗaukar matsakaicin duk abin da aka ba su kafin su yanke hukunci, irin RCAN da HAT. Tayil mai yawan sama da tayil mai yawan ƙasa matsakaicinsu daban ne, don haka hukuncinsu ma daban. Maganin da ke aiki shi ne manyan tayil da kuma narkarwa: a bar tayil biyu su hau juna, a wurin hawan a riƙa rage nauyin na hagu ana ƙara na dama sannu a hankali har a miƙa. Bambancin yana nan, amma an baje shi a faɗin fiksel da yawa yadda ido ba ya kama shi. Kullin `Upscale Image (using Model)` na manhajar ComfyUI haka yake yi: tayil 512, hawa 32, da narkarwa, kuma idan memori ya kasa da kansa yake raba tayil ɗin biyu ya sake gwadawa.

Narkarwa ma da kuɗinta. Idan tayil biyu sun ƙirƙiro ƙwaya daban-daban a wuri ɗaya, gauraya su yana ba da ɗan zirin da ya fi kewayensa laushi. A hoton fata ko yashi ana iya ganin wannan idan hawan ya yi faɗi da yawa.

Masu ƙara girma ta hanyar Stable Diffusion, samfurin da ke zana hoto daga bayanin da aka rubuta masa, tayil-tayil matsalarsu ta wuce wannan. Can kowane tayil sabon zane ne, kuma idan ƙarfin `denoise`, wato yawan sauyin da aka yarje masa ya yi wa hoton, ya yi yawa samfurin zai nemi zana duk abin da aka rubuta masa a cikin kowane tayil, sai ka tsinci ƙaramar fuska a jikin bango. A rage ƙarfin, a kuma rubuta bayanin da ya dace da kowane yanki na hoton.

Idan an yanka amma har yanzu yana faɗuwa

Wanda ya fi ɓata rai shi ne a ga `Tile 20/20` ya wuce sannan memori ya kasa. Dalilin shi ne babban filin nan da ke cikin katin. Da an gama jerawa, rubutun yana mayar da shi `fp32` tun yana katin kafin ya sauke shi zuwa memorin kwamfuta. Na ɗan lokaci kwafi biyu ne a zaune, 1.07 GiB da 2.15 GiB, jimla 3.2. Kati mai 8 GB zai ɗauka, mai 4 GB yana iya faɗuwa. Hoton kyamara mai 6000×4000 zai nemi ninkin wannan, 6.4 GiB, dab da abin da ya rage a katinmu. Rage `--tile` ba ya taɓa wannan ko kaɗan, domin girman hoto ne ke jawo shi. Mafita biyu ce. Ko dai ka raba hoton gida biyu ko huɗu da hannunka, da hawan fiksel 64 ko fiye, ka haɗa daga baya. Ko kuma ka rubuta zagayen da kanka, filin ya zauna a memorin kwamfuta:

```python
out = torch.zeros(3, H*s, W*s, dtype=torch.uint8)
for y in range(0, H, t):
    for x in range(0, W, t):
        y0, x0 = max(y-p, 0), max(x-p, 0)
        y1, x1 = min(y+t+p, H), min(x+t+p, W)
        with torch.no_grad():
            r = model(img[:, :, y0:y1, x0:x1].cuda().half())
        h, w = min(t, H-y), min(t, W-x)
        a, b = (y-y0)*s, (x-x0)*s
        r = r[0, :, a:a+h*s, b:b+w*s].clamp(0, 1)
        out[:, y*s:(y+h)*s, x*s:(x+w)*s] = (r*255).round().byte().cpu()
```

A nan `t` tayil ne, `p` rara, `s` ninki, `H` da `W` tsayi da faɗin hoton, `model` samfurin da aka riga aka ɗora a katin da `fp16`, `img` kuma hoton ne a memorin kwamfuta mai siffar 1×3×H×W da ƙimomi tsakanin 0 da 1. Filin bayit ɗaya-ɗaya ne, don haka 16000×12000 bai wuce 550 MiB ba, kuma katin ba ya riƙe komai sai tayil ɗaya. Kada a manta `torch.no_grad()`. Idan babu shi, PyTorch zai ajiye sakamakon duk matakan nan 345 don koyo, kuma ko ƙaramin tayil zai cika katin.

Wani abin lura a rubutun na asali: idan tayil ɗaya ya kasa samun memori, yana buga `Error` ne ya wuce gaba. Idan na farko ne, za ka ga ƙorafi game da `output_tile` da ba a ba shi ƙima ba, wanda ke ɓoye ainihin dalilin. Idan na tsakiya ne kuma girmansa ya zo ɗaya da na wanda ya gabace shi, sakamakon wanda ya gabace shin ne zai zauna a gurbinsa, a ajiye hoton kamar ba abin da ya faru. Saboda haka ka karanta abin da ya rubuta tsakanin ƙirgen tayil kafin ka aika fayil wurin bugawa.

A Windows kuma abin na iya zuwa ba tare da saƙon kuskure ba sam. Tun daga direban NVIDIA mai lamba 536.40 na 2023, idan memorin kati ya cika sai a fara aron na kwamfuta. Aikin ba ya faɗuwa, amma yana rarrafe, domin bayanai suna kai da kawo ta hanyar da ta fi memorin kati jinkiri ƙwarai. Ana gane shi a `Task Manager`: `Dedicated GPU memory` ya cika maƙil, `Shared GPU memory` yana hawa. Illarsa ta biyu ita ce manhajojin da ke jiran saƙon kasawa kafin su rage tayil ba za su taɓa samunsa ba. A `NVIDIA Control Panel` akwai `CUDA - Sysmem Fallback Policy`, a mayar da shi `Prefer No Sysmem Fallback`. Faɗuwa nan take ta fi amfani, domin tana gaya maka ka rage tayil.

Idan hoto ya fito baƙi ƙirin ko da baƙaƙen murabba'ai, musamman a katunan jerin GTX 16, `fp16` ne ake zargi da farko. Ƙara `--fp32`. Sai dai kowace lamba yanzu bayit huɗu ce, don haka 6,000 ya koma 12,000, babban filin ma ya ninku. Gefen tayil ba rabi zai koma ba, kusan kashi 70 cikin ɗari na na da ne. A misalinmu 800 sai ya sauko wajen 500, wanda shi ma ya raba hoton cif, takwas sau shida.

Hoton PNG mai shafin ratsa-gani aikinsa biyu ne, domin wannan shafi ma ana tura shi ta cikin samfurin. Idan gefunan sassauƙa ne, `--alpha_upsampler bicubic` zai rage rabin lokacin.

Shawarar da saƙon kuskuren ke bayarwa game da `PYTORCH_CUDA_ALLOC_CONF` tana amfani ne kawai idan memorin yana nan amma a warwatse, wato adadin `reserved` ya fi na `allocated` nesa. Ba za ta samar da 22 GiB a kati mai 8 ba.

Katunan AMD da Intel

Sigar `realesrgan-ncnn-vulkan`, wadda irinta ce manhajar Upscayl ke amfani da ita a ciki, ba ta buƙatar CUDA. Girman tayil a wurinta `-t` ne, kuma idan aka bar shi 0 tana zaɓa da kanta gwargwadon memorin da ta gani, amma ba ta wuce 200. Idan ta faɗi da saƙo irin `vkAllocateMemory failed` ko `vkQueueSubmit failed`, a sauko da tayil, a kuma hana ta aiki biyu a lokaci guda:

```
realesrgan-ncnn-vulkan -i hoto.jpg -o babba.png -n realesrgan-x4plus -s 4 -t 128 -j 1:1:1
```

Saƙo na biyun ba lallai memori ba ne. Windows yana sake tayar da direba idan katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, kuma raunanan katunan laftof na iya kaiwa haka a kan babban tayil. Ƙaramin tayil yana magance duka biyun.

Bayan katin ya gama

Fiksel miliyan 192 suna da nasu matsalolin a waje da katin. Rubutun yana yin kwafin hoton fiye da ɗaya a memorin kwamfuta kafin ya ajiye, kowanne 2.15 GiB, don haka kwamfuta mai 8 GB za ta yi nishi. WebP ba ya karɓar gefen da ya wuce fiksel 16,383: hotonmu mai 16,000 ya sha da ƙyar, na 6000×4000 da ya zama 24,000 ba zai shiga ba. JPEG iyakarsa kusan 65,500 ce. Idan kuma za ka sake buɗe fayil ɗin da Pillow, kayan aikin hoto na Python, zai ƙi da `DecompressionBombError`, domin yana tsayawa a kusan fiksel miliyan 179. Sai ka sa `Image.MAX_IMAGE_PIXELS = None` kafin buɗewa, ga fayil ɗin da kai ka yi shi da kanka. Ajiye babban a PNG ko TIFF, ka gama duba mahaɗa a kansa, sannan ka ƙanƙantar zuwa girman da mai bugawa ya nema ka fitar da JPEG daga nan.